Askin da Nake Jira

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yarinyar. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Auta, ka san ni da nauyin baki, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar da na zo shagonka da safe, na zauna a kujera, ka ɗora aska a wuyana, na ji hannunka yana rawa. Gumi ya jiƙa maka goshi, alhali fanka tana juyawa. Ka ce za ka ɗauko tawul a ɗakin baya. Ka jima kaɗan, ka dawo kana tsotsar minti, hannun kuma ya tsaya cak. Na gane. Maiɗakinka ba ta kai ƙararka ba. Ni na matsa mata, har ta ce kwalbar giyar da kake sha da yamma ta zama uku, yanzu kuma sai ka kurɓa da safe kafin ka iya riƙe almakashi.

Ba faɗa zan yi maka ba. Tsoro nake ji. Kai ne fa wanda layin nan kakaf ake jira don gyaran fuska, har ni mai sanƙo kana sama mini abin askewa. Ba na son giya ta ƙwace maka hannun nan, balle ta ƙwace mana kai.

Shawarata ita ce ka tattara abin da ke ɗakin baya ka zubar, ka daina rana ɗaya, yadda na yi da taba. Kwana uku ne na wahala. Ina tare da kai.

Ka gaida iyali.

Naka,
Yaya Babba

*

Zuwa ga Autan Inna,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ba maiɗakinka wannan takarda ta karanta maka idan ka farka, domin kwanan nan duk zuwan da na yi asibiti barci kake.

Ka yafe mini. Ka ji maganata kamar yadda ka saba tun kana ƙarami, ka zubar da komai a makwarara, shawarata kuma ta kusa kashe ka. Maiɗakinka ta ba ni labari. Ranar farko amai da karkarwa. Rana ta biyu ka faɗi a tsakar shago, jiki yana jijjiga, ka ciji harshe. Da na iso asibiti a rana ta uku, kana kakkaɓe ƙwarin da babu su daga zanin gado, ka dube ni ba ka gane ni ba. Na fita baranda na yi kuka.

Likita ta zaunar da ni, ba ta tsawata mini ba, ta dai yi mini bayani. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙaimi don ta rama dannewar. In aka janye giyar farat ɗaya, sai ƙaimin ya rasa abin da zai riƙe shi, kamar mota a gangara ba birki. Rawar hannun nan ta safe alama ce jikinka ya riga ya kai wannan matsayi. Ni kuwa na ɗauka taba da giya duk tafiyarsu ɗaya.

Yanzu suna ba ka maganin kwantar da jijiyoyi, suna rage shi kaɗan-kaɗan kowace rana, ga ƙarin ruwa da allurar bitamin da ke kare ƙwaƙwalwa. Ta ce bayan sallama ne aikin zai fara. Akwai ganin mai ba da shawara duk mako, akwai kuma maganin rage sha'awar abin. Za ka yi ta fama da rashin barci da saurin fushi na wani lokaci. Mutane da yawa sukan zame su koma, wannan kuma ba ya nufin an faɗi ke nan. Abu ɗaya nake roƙonka: in ka zame, kada ka ɓoye mini, kada kuma ka sake yankewa kai kaɗai don jin kunyata. Ka kira ni mu koma wurin likitar tare.

Na rufe shagon, na share gashin da ke ƙasa, na shafa wa injinanka mai. Masu tambaya ina ce musu ba ka da lafiya, gaskiya ce kuma. Ɗakin baya na bar shi yadda yake, sai ka dawo mu gyara.

Gemuna ya yi buzu-buzu, maiɗakina tana ta yi mini tsiya wai na zama tsohon bunsuru. Ta yi ta yi in je wani shagon, na ƙi. Ko wata shida za ka ɗauka, zan jira. Ranar da ka shirya, da safe zan zo, ni zan fara zama a kujerar. In hannun ya yi rawa, ka ajiye askar mu zauna tare har rawar ta wuce, ba sai ka je ɗauko tawul ba.

Inna tana gaishe ka, kullum kana cikin addu'arta.

Naka har kullum,
Yaya Babba