Hoton Ajin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hannunka ne ya karye da ba ka rubuto mana.

Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Tun ranar da Baba ya yi ritaya ya miƙa makullin ajinsa ya dawo gida, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Mutumin da kullum yake riga mai gadi isa makaranta, yanzu rana tana take yana kwance ya juya wa duniya baya. Abinci yadda aka kai haka ake fito da shi, sai dai ya kurɓi shayi. Wandonsa har ya fara zamewa. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo a jiki ba, a zuciya abin yake. Wallahi tsoro nake ji.

Makaranta ta shirya masa taron ban kwana ƙarshen wata, kuma Hedimasta ya ɗora mini jawabin, wai ni 'yarsa ce kuma abokiyar aikinsa. Minti biyar aka ba ni, tsakanin waƙar 'yan makaranta da miƙa kyauta. Baba kuwa ya ce ko da igiya ba za a kai shi ba. Ni dai na sa a raina, in na rubuta abin da zai shiga zuciyarsa, zai tashi.

Na fara kamar yadda kowa yake yi: shekarar da ya kama aiki, makarantun da ya zaga, muƙaman da ya riƙe, sai jerin ɗalibansa da suka zama manya, wane likita, wance alƙaliya. Na karanta wa Mama a tsakar gida da ƙarfi don ya ji. Kafin in kai rabi Mama ta fara gyangyaɗi. Shi kuwa daga cikin ɗaki ya tambaya ko wane bawan Allah ne ya rasu ake masa ta'aziyya. Na yayyaga takardar, na shiga kicin na sha kukana.

Jiya ina kwashe tarkacen kabad ɗin ofishin malamai sai na ci karo da wani tsohon hoto, gefensa duk ya ci. Ajin Baba ne na da can. Yara sun haura ɗari, benci na mutum uku ya ɗauki shida, wasu a ƙasa har gindin allo, wasu a kan taga ƙafafu na reto. Ga ka nan a layi na biyu, baki buɗe, Sarkin Barci. Abin mamaki, na nemi malamin na rasa. Sai da na kai hoton bakin taga na gano shi a tsakiyar aji, durƙushe, ƙeyarsa da hannunsa kawai ake gani a kan littafin wata yarinya.

A kan hoton nan zan gina jawabin. Don Allah ka rubuto mini duk abin da ka tuna na ajin nan, kome ƙanƙantarsa. Kada ka yi mini halin naka na sai gobe.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin naku ya sauka. Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma Yaya, na ɓata goma biyar ba ta gyaru ba.

Bari in faro maka daga farko. Na bi shawararka, na ɗauki hoton na zaga wajen waɗanda na iya ganewa: telan bakin kasuwa, nas ɗin asibitin unguwa, da direban motar makaranta. Kowa ya ƙara a kan abin da ka faɗa. Ashe a bakin ƙofa Baba yake cire takalmi, don kada ya taka yatsun na zaune a ƙasa. Duk ranar Litinin layin baya yakan dawo gaba, kowane layi ya matsa baya taki ɗaya, don kowa ya ɗanɗana kusa da allo. Allon ma kashi uku yake raba shi: aikin masu sauri, na tsakiya, da na waɗanda har yanzu suke fama da baƙaƙe. Littattafai sun fi ƙarfin jan biro ɗaya, sai ya sa a yi musaya, kowa ya duba na maƙwabcinsa, shi kuma ya tsinci kaɗan daga kowane benci ya tabbatar ba a yi cuwa-cuwa ba. Telan ya ce har yau in ya ga mutum ba takalmi sai ya gyara zama.

Na zauna na tsara. Zan buɗe da ɗaga hoton in ce jama'a su nemo mini malamin. Daga nan labari biyu kacal, na takalmin da na juyin layi, don an ce jawabi in ya yi yawa iska ke kwashewa. Sai godiya da addu'a. Na karanta a gaban madubi ina duba agogo, na yanke duk inda numfashina ya sarƙe, har ya zauna daidai lokacin da aka ba ni. Na ji daɗinsa ƙwarai, har na fara yabon kaina.

Sai na kai wa Baba hoton. Da na sani!

Ya tashi zaune, ya sa tabarau, na ce alhamdulillahi. Bai ko kalli layin gaba ba. Yatsansa ya tafi can baya, wajen kawunan da ba su fi ƙwayar wake ba, ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fita bai iya karanta sunansa ba. Wannan ba ta ji sosai, sai da shekara ta ƙare ya gane. Wannan ya daina zuwa, kuma sai da aka yi makonni kafin ya lura babu shi. Ya ce juyin layin da nake taƙama da shi, kafin yaro ya sake zagayowa gaba an wuce babi uku.

Sannan ya gaya mini abin da ko Mama ba ta sani ba. Shi da kansa ya kira mai hoton, ba don tarihi ba, don ya haɗa da takardar koke zuwa ofishin ilimi a raba ajin biyu. Har yau ba a amsa ba. Ya ce shi ba koyarwa ya yi ba, gadin yara ya yi, yanzu kuma za a ɗauki shaidar kukansa a rataya a yi tafi. Ya miƙo mini hoton ya koma ya kwanta. Ranar ko shayin bai sha ba.

Na sake rubutu, na sa gaskiyar abin da ya faɗa. To ka san dole Hedimasta ya ga kowane jawabi kafin taro, tunda babban jami'in ilimi zai zo. Ya karanta, ya ja layi ya soke wannan ɓangaren gaba ɗaya, ya ce taron murna ne, ba wajen tonon silili ba, in kuma tuna takardar ƙarin girmana tana kan teburin mutumin. Yaya, ajin da nake koyarwa yau ya fi na hoton nan cika, shi ma ya sani.

Ga ni tsaka mai wuya. In na karanta na Hedimasta, na tabbatar wa Baba cewa har 'yarsa ba ta ji shi ba, kuma ina tsoron ba zai ƙara tashi daga gadon nan ba. In na karanta nawa, ban san inda zan kwana ba. Don girman Allah ka nemi izini ka zo. Na gaji, ni kaɗai ba zan iya ba.

Taka,
Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Na samu saƙonka cewa an hana ka izini, ban riƙe ka ba, na san ka yi ƙoƙari.

An yi taro. Baba bai je ba. Mama ta goge masa riga ta rataye a ƙofa, ko kallonta bai yi ba. Kujerarsa tana kan dandamali da ɗan ƙyalle an lulluɓe, babu kowa, Hedimasta yana ta ba da haƙuri wai jiki ne ya motsa.

Da aka kira ni, na hau dandamali. Na ɗaga hoton, aka nemi malami aka rasa, aka yi dariya. Na ba da labarin takalmi, aka yi tafi. Na iso inda aka ja layi, na ga kujerar nan, sai kawai bakina ya ci gaba. Na faɗi dalilin da ya sa aka ɗauki hoton. Na ce mutumin da kuke yabo ya manta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, amma har yau yana riƙe da sunan duk yaron da hannunsa bai kai gare shi ba, kuma abin da ya hana shi zuwa ke nan. Na ce mai son ganin hoton nan da rai ya leƙo ajina ranar Litinin. Nas ɗin nan ce ta fara kuka. Jami'in bai ɗago kai daga takardar shirin taro ba, tafin ma a rarrabe ya zo.

Washegari Hedimasta ya ba ni takardar neman bahasi, in yi bayani a rubuce. Maganar ƙarin girma kam ta sha ruwa, ana kuma raɗe-raɗin za a tura ni wata makaranta mai nisa. Ajina yana nan yadda yake, ko benci ɗaya ba a ƙara ba.

Direban makaranta ya ɗauki jawabin a wayarsa, ya kawo wa Mama, ita kuma ta ajiye wa Baba a gefen filo ta fito. Mun ji ya saurara har ƙarshe, ya sake sawa. Ranar ma bai ci kome ba. Na ce shi ke nan, na yi biyu babu.

Yau da yamma ina duba littattafai a tsakar gida sai na ji ƙarar ƙofa. Yaya, da ka ga yadda ya rame, yana dafa bango. Ya zauna kusa da ni, ya ce na yi saurin magana a tsakiya, kuma na cinye ƙarshen jimloli. Sannan ya tambaye ni su wa ke zama a bayan ajina da har yanzu ba su iya haɗa baƙi ba. Na fara lissafo su, suna da yawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce in nemi izinin iyayensu in riƙa turo masa su bayan an tashi, amma kada su wuce waɗanda tabarma ɗaya za ta ɗauka, yana so ko sau ɗaya a rayuwarsa ya ga fuskar kowa.

Daga nan ya juya ya tambayi Mama ko akwai sauran abinci. Bai fi rabi ya ci ba, mu kuwa muka tsaya a kansa kamar ba mu taɓa ganin mutum yana ci ba, har ya kore mu.

Ban san inda za a jefa ni ba, Yaya, ka sa ni a addu'a. In za ka zo, ka taho masa da alli da ƙaramin allo, gobe zan nemi izinin iyaye, yaran farko su fara zuwa.

Mama tana gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta