Inna, Mi Ya Hana a Ɗauke Ki a Tasha?

Assalamu alaiki Inna, bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Wa ya kashe ki, ciwon ko mutanen tashar ƙauyenmu? Tun rasuwarki nake karanta duk abin da ya faɗo hannuna don in san sunan abin da aka yi miki. Ashe abu huɗu ne, mutane ke cakuɗa su.

Na farko kuɗin goro. Wasu 'yan daji sun yi ta'asa, sai aka ce duk Bafulatani ɓarawo ne, har ke mai tallar nono. Wannan a kai yake zaune. Mu ma ba mu tsira ba, Kawu Jaɓɓi har gobe cewa yake manomi bai da amana.

Na biyu tsanar da ke riga sani, ita a zuciya take. Kin tuna matar mai gishirin nan da ke ɗaure fuska in ta hango ƙwaryarki, alhali ko sunanki ba ta sani ba? Ta tsane ki, amma ta sayar miki. Ba ita ta kashe ki ba.

Na uku nuna bambanci, shi aiki ne. Ran da numfashinki ya sarƙe, na goyo ki har tasha don mu kai asibitin Gummi. Direban ya san ki, ya sha furarki. Ya sunkuyar da kai ya ce an hana su ɗaukar mutanen ruga. Bai tsane ki ba, Inna, amma ya ja motarsa da kujeru babu kowa. Kika ce, “Ƙyale shi, Bello, tsoro yake ji.” Kika cika a inuwar rumfa.

Na huɗu shi ake kira wariyar launin fata: a yarda cewa wani jinsi tun halitta ƙasa yake da wani, sannan a kafa doka a kai. Za a ce mini namu ƙabilanci ne, tunda duk baƙaƙe muke. Na ji. Amma shugaban tasha da bakinsa ya ce mugunta a jininmu take, kuma da siffar fuska ake tantance fasinja. To mi ya rage?

Inna, Hajjo ƙanwata cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, dokar nan kuwa tana nan. Kin sha cewa bakina zai ja mini. Yi haƙuri, Innata, ba zan iya shiru ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sauki Hajjo lafiya.

Ina roƙonki aron layi guda a wasiƙar nan, in yi magana da wani. Shugaban tasha, na san za a karanta maka. Ranar kasuwa ka tsaya gaban jama'a ka amsa: in naƙuda ta zo wa Hajjo, za a ɗauke ta ko a'a?

Ɗanki mai kewarki,
Bello