Kalmar da Ta Faɗi a Sharaɗi na Bakwai

Malam, ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ƙaramin akawu ne a wani kamfanin fatu da ƙiraga a Nguru. Wanda ya samo mini aikin shi ne Alhaji Zarami na Gashua, kawun matata Yakaka. Motarsa ɗaya, da ita yake kawo wa kamfani kaya daga Gashua zuwa tashar jirgin ƙasa.

Bana da aka zo sabunta yarjejeniyarsa, manaja ya rubuta da hannu, babban akawu ya buga kwafi biyu da tafireta, aka ba ni da safe in gwada bugun da rubutun hannun. Bayan azahar za a sa hannu. A sharaɗi na bakwai rubutun hannu ya ce mai mota ba zai ɗauki asarar da ruwan sama ya jawo a hanya ba. A bugun, kalmar Turancin nan "not" ta faɗi. Sai maganar ta koma shi ne zai ɗauka.

Gyaran ba wuya. A cusa kalmar a saman layi, ɓangarorin biyu su sa hannu a gefenta a kowane kwafi, ko a sake buga shafin. Na nuna wa babban akawu, ya ce ba ya taɓa abin da manaja ya riga ya duba. Na shiga wurin manaja. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya karɓe rubutun hannun ya ce in bar masa.

Alhaji ba ya jin Turanci, ni aka sa in fassara masa. Da na iso sharaɗi na bakwai, na ga ba a gyara ba. Na faɗa masa abin da ke rubuce, na kuma ce ba haka aka shirya ba, kada ya sa hannu. Manaja ya yi dariya ya ce kuskuren bugu ne, ai sun saba, ba zai taɓa kama shi da wannan ba. Alhaji ya ce mini in yi shiru, yaro ba ya shiga tsakanin manya. Ya dangwala yatsa. Ni kuma na sa hannu a ƙasa, cewa na karanta masa kuma ya fahimta.

Ruwa ya sauka da wuri. Motar ta kafe a fadama kusa da Karasuwa, ƙiraga suka jiƙe suka ruɓe. Manajan nan an mayar da shi Ikko, sabon kuwa takarda kawai ya sani. Kamfani ya kai ƙara, yana neman a sayar da motar. Rubutun hannun ya ɓata. Babbar shaidar kamfani ita ce sa hannuna. Yakaka ta tafi Gashua dubiya, har yau ba ta dawo ba. Can ana cewa ni na sayar da Alhaji. An kira ni shaida. Me zan yi?

Naka,
Akawu Mai Damuwa, Nguru


Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka, kuma ba zan ruɗe ka ba: maganar ta yi wa Alhaji nauyi. Kotu tana bin abin da aka rubuta aka sa wa hannu. Takan yarda a gyara takarda in an tabbatar mata cewa ba abin da ɓangarorin biyu suka shirya ke nan ba, amma tana son hujja mai ƙarfi. Babbar hujjar ta ɓata, ga shi kuma an gaya wa Alhaji ya ji, ya sa yatsa.

Kamfani yana da abin faɗa, domin sabon manaja bai ga komai ba sai takardar. Mutanen Gashua ma kada ka ga laifinsu da yawa, mutumin da ke ciyar da su ne zai rasa motarsa.

Ka yi abu uku. Ka tafi Gashua da ƙafarka, ka tambayi Alhaji kwafinsa na yarjejeniyar bara. In kalmar tana ciki, lauya zai sami abin riƙewa. Ka tuna duk wanda ke ɗakin lokacin da manaja ya ce kuskuren bugu ne, domin alkawarin nan na baka shi ne abin da ya rage. A gaban alƙali kuma ka faɗi duka, da abin da ka karanta da abin da manaja ya amsa, kada ka rage don kowa.

Ka sa a ranka wannan shaidar za ta iya cinye aikinka, motar ma ta tafi duk da haka. Fara neman wani wuri tun yanzu. Yakaka kuwa, kada ka aika mata saƙo. Ka je ka zauna gaban kawunta ko da ba zai dube ka ba.

Allah Ya ba ka juriya, Ya sauƙaƙa wa Alhaji.