Karatun Alhamis

Alhamis, 2 ga Mayu, 2024
A gidan suna a Unguwar Kanawa matar Malam ta tare ni, wai me ya hana mijina Zakariyya zuwa karatu wurin Malam tun bara? Ni kuwa duk Alhamis nake goge masa kaftani, ya ɗauki littafi ya fita bayan la'asar. Na yi mata murmushi har kumatuna suka gaji.

Juma'a, 3 ga Mayu
Na tsare shi, ya amsa. Wata mace ce a Kinkinau. Wai wata uku kacal, wai sharrin Shaiɗan. Na ce Shaiɗan bai iya tuƙa mota ba.

Lahadi, 5 ga Mayu
Gwaggo Hansai ta ce in yi haƙuri, namiji ne, in rufa masa asiri saboda 'yarmu Aziza. Ba zan yi yaji ba, gidana ne. Amma ba haƙurin da zan haɗiye in yi shiru. Na ce masa asibiti gwajin jini, mu biyu; wayarsa a buɗe; gaskiya kuma gaba ɗayanta. In ya ƙi, ya ba ni takardata.

Litinin, 13 ga Mayu
Gwaji lafiya, sai an maimaita bayan wata uku. A ɗakin Aziza zan riƙa kwana har lokacin. A wayar na ga saƙonni tun Agusta. Wata tara! Wannan ƙaryar ta biyu ta fi ta farko ciwo. Ya yi kuka, ban ba shi ko tsumma ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Ya koma karatun gaske. Na bi shi a Keke Napep, na ga takalminsa a ƙofar zauren Malam. Na tsani abin da ya mayar da ni.

Asabar, 20 ga Yuli
Da na sake tambayarsa inda suke haɗuwa, ya ce, “Haba Hasiya, har yaushe?”
Na ce, “Kai ka yi wata tara, Baban Aziza. Ni ko uku ban cika ba.”
Ya zauna ya amsa duka.

Talata, 10 ga Satumba
Ina yanka kuɓewa ya miƙo min waya. Ita ce, da sabuwar lamba. Da ya goge, ba zan taɓa sani ba. A gabana ya rubuta mata kada ta ƙara, ya toshe lambar. Ban gode masa ba. Don me?

Laraba, 13 ga Nuwamba
Ofis sun tura shi Kafanchan kwana uku. Ya ce zai ce ba shi da lafiya, don hankalina ya kwanta. Na ce ƙarya ta ƙare a gidan nan, ko da don ni ce. Ya tafi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Sau ɗaya na kira shi jiya, shi ma don gas ya ƙare. Ban ce na yarda da shi ba, kada ma ya ɗauka. Barci dai na yi, har na makara sallar asuba.