Katin Sista Rifkatu

Yaya Saude,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki?

Ranar da aka yi mini tiyata, Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakinmu, ita ta lura ina zubar da jini, ta ruga ta kira likita. Na sayo mata kati a Sabon Gari, na cika shi da kalaman littattafan soyayya. Da na karanta, kunya ta sa na sayi wani, na rubuta: "Kin kula da ni, na warke. Na gode."

Maigidana ya ce, "Babban likita ake rubuta wa."

Na ce, "Shi ya ga jinin?"

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna. Ranar cire zare zan miƙa wa Sista Rifkatu katin da hannuna.