Digiri Biyu Tsakanina da Malamin Tuƙi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Ranar ce iyayena da na wanda zan aura za su zauna su tsayar da rana, ni kuwa ga saƙon fasawa a wayata, na rubuta na goge ya fi sau goma, har yanzu ban tura ba.

Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon gilashin ido. Ni ke yanka gilashi in zaunar da shi cikin firam bisa awon da likita ya rubuto. Wani gilashin idan ya karkace da 'yan digiri kaɗan, mai shi zai dawo yana kukan ciwon kai. Na faɗi wannan ne don ki san ni ba mai saurin yarda ba ce, sai na auna.

Wanda zan aura gyaran lif yake yi, na'urar nan ta hawa bene. Ba shi da abin zargi. Ya san ranar da maganin Babana ke ƙarewa, ya auna tagogin gidan da muka kama tun ban yi zancen labule ba. Amma magana, Gwaggo, sai ka ce sayenta yake yi. Shekara biyu ban taɓa jin ya faɗi abin da ya sa gabana ya faɗi ba. Shi ne ma ya ce in koyi tuƙi kafin aure, ya kai ni makarantar da kansa, ni da 'yar ƙanwar mahaifiyata. Mako biyar na ba ta a duniya, tare muka tashi, a gida 'yan biyu ake ce mana.

Malamin da aka ba mu ya kusa arba'in. Ranar farko ya dubi fom ɗina, ya dube ni har na tsargu. A darasi na huɗu mota ta mutu min a kan gangara, na rikice, ya taka birkin ɓangarensa ya ce in kwantar da hankali, ba yau ya fara tare ni ba. Da muka tsaya ya ciro takarda mai zanen da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya, cike da alamomi. Ta ciki wai yadda sama take ranar da aka haife ni, ta waje tasa, an ɗora su a ga inda suka haɗu.

Ya bayyana min cewa hanyar da wata ke bi tana ratsa hanyar rana a wuri biyu, kuma kullum suna fuskantar juna. Inda wata ke hawa arewa ana ce masa Kai, inda yake gangarawa kudu ana ce masa Wutsiya. Kai shi ne inda ran mutum ya dosa, Wutsiya inda ya fito, wato rayuwar da ya taɓa yi kafin wannan. In tauraron wani ya sauka kan Wutsiyarki, kun taɓa sanin juna. In watansa ne, kun yi zaman uwa da ɗa. In tauraron Zuhal ne, akwai nauyin da ba a sauke ba. In kuwa Zara ce, tauraruwar soyayya, to masoya ne da aka raba. Wutsiyata tana digiri goma sha huɗu a burjin Sa, ɗaya daga cikin gidajen sama goma sha biyu, Zararsa tana digiri goma sha biyu a nan. Ya ce har digiri biyar ana karɓa, namu biyu ne kacal. Ya ce kuma yana yawan mafarkin wani kogi, shi a cikin jirgi, wata mace a bakin gaɓa, bai taɓa ganin fuskarta ba sai ranar da na shigo ofishinsu.

Na yi dariya, amma da na koma shago lokacin hutun rana na sauke manhajar taurari na saka ranakunmu. Na damu don ban san awar da aka haife ni ba, ashe ba ta canza komai, ko asuba na saka ko yamma, goma sha huɗu ne. Tasa goma sha biyu. Na saka ranar wanda zan aura, babu tauraronsa ko ɗaya kusa da Kai ko Wutsiya. Da na faɗa wa malamin, ya ce mutumin kirki ne, amma baƙo ne a wurin raina.

Na san ba haka aka koya mana ba, na san rai ɗaya ne, tafiya ɗaya. Ina istigfari, sannan in sake buɗe takardar. Bai taɓa riƙe ko hannuna ba, sai dai in na zauna a motar nan ji nake an san ni ciki da waje. Makon jiya na lalata gilashi biyu, maigidan shago ya tambaye ni ko ni ce ke bukatar gwajin ido. Yanzu malamin ya ce in na bari aka tsayar da rana, na sake barinsa a cikin jirgin ke nan.

Ga kuma wani abu. 'Yar'uwata ta canza lokacin darasinta, ta daina zancen tuƙi, in na ambaci malamin sai ta tashi. Shekaranjiya ina neman caja a jakarta na ga takarda a ninke mai da'irar nan. Kafin in buɗe ta shigo ta fizge jakar. Na ɗauka tawa ta sace za ta kai wa Mama, amma da na duba, tawa tana nan cikin akwatin kayan aikina. Ko kwafi ta yi? Tun ranar ba mu haɗa ido ba.

Gwaggo, in lissafin ƙarya ne, me ya sa ya fito daidai a hannuna? In gaskiya ne, ta yaya zan zauna da baƙo har ƙarshen rayuwata? Ki faɗa min ko in tura saƙon.

Taki,
Mai Yankan Gilashi

*

'Yata Mai Yankan Gilashi,

Ajiye wayar tukuna, ki ɗauko abin awonki.

Malaminki bai yi ƙarya a kan sama ba. Kai da Wutsiya suna nan, duk da ba taurari ba ne, wurare ne da ake lissafawa, kuma sai rana da wata sun zo kusa da su ake yin husufi. Abin da ya ɓoye miki shi ne nawar tafiyarsu. Baya-baya suke tafiya, sai sun yi shekara goma sha takwas da wata bakwai suke gama zagaye ɗaya. Wato kusan shekara ɗaya da rabi a kowane burji, digiri ɗaya da rabi da 'yan kai a wata. Shi ya sa awar haihuwarki ba ta canza komai ba.

To, ya ce yana karɓar digiri biyar. Biyar gaba, biyar baya, goma ke nan, tafiyar wata shida. Duk wanda aka haifa a faɗin duniya cikin watanni shidan nan, mace da namiji, Wutsiyarsa tana kan Zarar malaminki. Haka waɗanda aka haifa shekara goma sha takwas da wata bakwai kafin ku, da na bayanku. Wannan gaɓar kogin ta cika maƙil, 'yata. Ga shi mutum ne da ranar haihuwar kowace ɗaliba ke biyowa ta hannunsa. Kuma ranar tasa haihuwar, a katinsa kika gani ko a bakinsa kika ji? Zara tana iya tafiyar fiye da digiri ɗaya a kwana, in aka gusa ranar kaɗan sai ta sauka inda ake so.

Yanzu 'yar'uwarki. Kin ba ta mako biyar. A kwana talatin da biyar Wutsiya tana ja da baya kusan digiri biyu. In taki goma sha huɗu ce, tata goma sha biyu ce, daidai kan Zararsa, ta ma fi taki zama. Ban ga takardarta ba, ba zan rantse ba, amma biri ya yi kama da mutum. Ina jin ba kwafin taki ba ce, kuma ba leƙen asirinki take yi ba, tsoronki take ji kamar yadda kike jin nata.

Lambar ta fito daidai a hannunki don lissafin sama daidai ne. Fassarar da aka rataya masa ita ce babu wanda ya taɓa aunawa, kuma kin san matsayinta a abin da kika yi imani da shi, ba sai na yi miki wa'azi ba. Su kansu masu wannan fanni yawancinsu cewa suke Wutsiya wurin sabo ce, mai daɗin zama amma mai hana ci gaba, Kai ake so a dosa. Wannan shafin ma malaminki ya tsallake.

Ba zan ce abin da kike ji ƙarya ne ba. Shekara biyu kina jin ƙishirwar magana, wani ya zo da ita a daidai lokacin da kike tsorace, ƙafarsa a kan birki. Ko ni ce, da na ji wani abu. Wannan ƙishirwar kuwa matsala ce ta gaske tsakaninki da mai gyaran lif, kuma kirkinsa bai wajabta miki aurensa ba. Sai dai ban ga inda kika ce kin taɓa faɗa masa ba, ga shi kina shirin yanke masa hukunci da takardar da wani ya buga. Kada ki saki reshe ki kama ganye.

Ki daina zuwa darasin nan daga yau, ki nemi wani malami. Ki zauna da wanda za ki aura ido da ido, ki faɗa masa shirunsa yana cinki, ki ga abin da zai yi. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki roƙi iyayenki su ɗaga zaman da wata ɗaya, ɗagawa ba fasawa ba ce. In abin da nake zato ya tabbata, ku sanar da shugaban makarantar, don akwai sauran fom a teburin nan.

Amma kafin duk wannan, ki shiga ɗakin 'yar'uwarki, ki rufe ƙofa, ki fara shimfiɗa taki takardar a gabanta. Kada ki tuhume ta da komai. Ki tambaye ta kawai ko an taɓa ba ta labarin wani kogi.

Allah ya sanyaya zukatanku ku biyun, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Gwaggonki