Jan Sarki a Gefen Paraschiva

Zuwa ga ƙanena Tudose,

Bayan gaisuwa, ban yi barci ba. Jiya ka buga mana kartar duba ni da matata Paraschiva. Ka ce baƙin sarki ni ne, sai ga shi can ƙarshen layi kamar baƙo a gidan biki. Jan sarki kuwa yana manne da sarauniyarta, ita ko har da murmushi. Rabin rayuwata ina fasa kankare a Toronto, wane ɗan banza ne wannan? Ina masaukin bakin tashar jirgin ƙasa. Ba zan kai akwatina gida ba sai na ji sunansa. In ban ji ba, na koma Toronto.

Yayanka, Anghel

Yaya Anghel,

Ina gaisuwa, da fatan kuɗin-cizon masaukin sun karɓe ka hannu biyu. Karta ba ta faɗin suna. An cire ƙananan ganye, saura talatin da biyu. Ita ta yanka da hannun hagu zuwa wajen zuciyarta, na shimfiɗa layi huɗu, takwas-takwas. Kowa da ganyensa gwargwadon gashinsa: mai baƙin gashi baƙin sarki, mai jan gashi jan sarki. Abin dubawa shi ne wa ke kusa da wa. Tara mai zuciya, ganyen buri, ta faɗo tsakaninsu, ɗaya mai zuciya, wato gida, tana ƙarƙashinsu. Tun tafiyarka nake buga mata duk Lahadi bayan coci, jan sarkin nan bai cika nisa ba.

Masu jan gashi a Braila ba su da yawa. Akwai mai kantin magani. Ni ma, in ka tuna, da shi aka haife ni. Jirgin Bukares da safe yake tashi.

Ƙanenka mai biyayya, Tudose

Tudose,

Gaisuwa kaɗan, don ba ka ci mai yawa ba. Yayanka ya aiko mini takardarka. Kai, malamin littattafai, ka manta uwata ma tana buga karta? Mai furfura jan sarki ake ba shi, kowace tsohuwa a kasuwar kifi ta san wannan. Mutum ya cire hula a gabanka, kansa fari fat, ka lalubo masa baƙin sarki kana wani tari. Na yi murmushi ne don na ga tsohona a gefena. Ka gyara yau, in ba haka ba kujerarka ta Lahadi kare zai hau, shi zai ci naman da na naɗe a kabeji.

Matar yayanka, Paraschiva

Yaya,

Bayan gaisuwa, ka nemi madubi a masaukin nan. Wanda kake son shaƙewa yana ciki, furfura jan sarki take ci. Ɗauki akwatinka ka tafi gida.

Ni kuma na kwana ina juya ganyen nan ɗaya bayan ɗaya. Sarakuna huɗu, kowanne da gashinsa har kafaɗa. Babu mai sanƙo irina ko ɗaya.

Ka gaishe ta. Ka ce a bar mini kujerar.

Tudose